Me Ya Sa Yatsan Mai Kallo Ba Ya Barin Maɓallin Ƙara Murya?

Dare ya yi, gida ya yi tsit, yara sun kwanta. Uwargida ta jingina da filo ta buɗe wani shiri a wayarta. Mai gabatarwa na magana a hankali, sai ta ƙara murya. Baƙon da ake hira da shi ya fara bayani kamar mai raɗa, ta sake ƙarawa har ƙarshe. Ba zato ba tsammani kiɗan tsakiyar shiri ya faso kamar an buga ganga a cikin ɗaki, jariri ya farka ya tsanyara kuka. Ta lalubi maɓalli ta rage, kiɗan ya wuce, baƙon ya dawo, ga shi kuma ba a jin abin da yake cewa.

Duk mai kallon bidiyo a waya ya san wannan wahala. Yawanci laifin ba na wayar ba ne, ba kuma na kunne ba. Aiki ne da ya kamata a gama shi a kan teburin mai tace bidiyo, wato edita, aka bar wa mai kallo yana yi da yatsa. Yanzu da finafinan Hausa masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka saba wa jama'a da kallo a YouTube, ga kuma ɗimbin masu ɗora wa'azi da hira da barkwanci da koyar da girki, daidaita ƙarfin sauti ya zama abin da duk mai haɗa bidiyo yake buƙatar sani.

Tsinin sauti daban, ƙarfinsa daban

Kuskuren farko yana faruwa ne a wajen awo. Kowace manhajar tace bidiyo tana da wata mita a gefe mai tsalle sama da ƙasa, kore a ƙasa, ja a sama. Abin da wannan mita take nunawa shi ne tsinin sauti, wato wuri mafi tsawo da sautin ya taɓa a cikin ƙiftawar ido. Ana auna shi da desibel, kuma sifili shi ne rufin ɗaki: sautin da ya nemi wuce sifili sai a sare masa kai, ya fito yana ƙarƙara kamar lasifikar da ta fashe. Shi ya sa duk lambobin suke ƙasa da sifili, irin su -6 da -12 da -20. Lambar da ta fi kusa da sifili ita ce ta fi ƙarfi.

Matsalar ita ce kunne ba da tsini yake auna ƙarfi ba. A ɗauki dattijo mai magana ƙasa-ƙasa, a tsakiyar maganarsa wani ya buga ƙofa sau ɗaya. Tsinin wannan yanki zai kai kusan rufi saboda bugun ƙofar, alhali maganar kanta can ƙasa take. A gefe guda kuma ga waƙar da aka matse a situdiyo, wadda daga farko har ƙarshe take manne da rufi. Mita za ta ce tsininsu ɗaya ne. Kunne kuwa zai ce waƙar ta ninka dattijon sau da yawa. Editan da ya zaɓi dukkan yankuna ya ba da umarnin a kai tsininsu wuri guda, yana zaton ya daidaita su, bai yi komai ba face jera kawunansu a layi ɗaya, jikkunansu kuwa kowa da inda yake.

Gidajen talabijin sun daɗe da shan wannan tsiya. Masu talla sun gane cewa dokar da ake da ita ta tsini ce kawai, sai suka riƙa matse sautin tallarsu ta cika fam ba tare da ta wuce iyaka ba, tallar ta riƙa razana masu kallo a tsakiyar fim. Koke ya yi yawa. A 2006 hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da wata hanyar awo mai lamba BS.1770, wadda take ƙoƙarin kwaikwayon yadda kunnen mutum yake ji. A 2010 ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta gina ƙa'idarta mai suna R128 a kai, a shekarar kuma majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar CALM da ta hana talla fin shirin da take ciki ƙara.

Ma'aunin da ya fito daga nan shi ake kira LUFS, wasu kuma su rubuta LKFS, duk abu ɗaya ne. Yana rage wa sauti mai kauri sosai daraja, ya ƙara wa mai kaifi, domin haka kunne yake yi. Sannan yana ɗaukar matsakaicin ƙarfi a tsawon lokaci, yana tsallake wuraren da aka yi shiru don kada su ja lissafin ƙasa. Taki ɗaya a wannan ma'auni daidai yake da desibel ɗaya, saboda haka lissafinsa ba wuya: yankin da yake -20, idan aka ƙara masa desibel 4, ya koma -16. Abin da ya kamata a riƙe shi ne tazarar desibel 10 takan sa kunne ya ji kamar sauti ya ninka.

Mitar LUFS takan nuna lambobi uku. Akwai Momentary, mai auna abin da bai kai rabin daƙiƙa ba. Akwai Short-term, mai auna daƙiƙa 3 da suka wuce, kuma ita ce abokiyar edita lokacin da yake gwada wannan yanki da wancan. Sai Integrated, matsakaicin shirin gaba ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, wadda ita ce dandalin intanet yake dubawa.

Lambar da kowane dandali yake so

YouTube yana aiki ne da kusan -14. Bidiyon da ya fi haka ƙarfi, sai ya rage shi lokacin da ake kunnawa. Spotify ma -14 ne ma'auninsa na asali, ko da yake yana ba masu biyan kuɗi zaɓin -11 ko -19. Apple ya ɗan sauka ƙasa: yana neman masu shirye-shiryen sauraro su kawo aikinsu a -16. Talabijin ya ƙara sauka, domin ƙa'idar Turai -23 ce, ta Amurka kuma -24. Netflix yana neman -27, amma shi maganar 'yan wasa kawai yake aunawa, don a bar wa harbi da tsawa filin da za su yi ƙara.

Dalilin wannan bambanci shi ne inda ake sauraro. Mai kallon fim a falo da manyan sifiku yana da shirun da zai ji raɗa, yana kuma da na'urar da za ta ɗauki tsawa. Mai kallo a cikin Adaidaita Sahu da 'yar sifikar waya ba shi da ko ɗaya, dole sautin ya matso sama ya kuma tsaya kusa da juna. Saboda haka editoci da yawa suke ajiye duk abin da za a kalla a waya tsakanin -16 da -14, har da gajerun bidiyoyin TikTok da Instagram da Facebook.

Tare da wannan lamba akwai ta biyu, wato iyakar tsini, wadda a mita ake rubuta ta True Peak. Yawanci ana tsayar da ita a -1. Dalili kuwa, idan aka ɗora bidiyo, dandalin yakan sake matse fayil ɗin don ya rage nauyi, kuma wannan matsi yakan sa tsinin ya ɗan ɗaga. Sautin da aka kai shi daf da sifili a kwamfuta zai iya fitowa yana ƙarƙara a wayar mai kallo.

Kowa zai iya ganin hukuncin da YouTube ya yanke wa bidiyo. A kwamfuta, a danna ɓangaren dama na linzami a kan bidiyon, a zaɓi Stats for nerds, a nemi layin da aka rubuta Volume / Normalized. A tsohon tsarin wannan layi, idan aka ga content loudness 5.0dB, ma'ana bidiyon ya wuce ma'auni da desibel 5, kuma an rage shi da hakan. Wanda ya matse sautinsa don ya fi na kowa ƙara ya yi asara biyu ke nan: an mayar da shi daidai da kowa, ga sautin ya riga ya rasa daɗinsa. A wancan tsari, idan lambar tana da alamar ragi, kamar -7.0dB, bidiyon ya gaza ma'auni, kuma wannan gyara na YouTube ba ya ɗaga mai rauni. A nan ya bambanta da Spotify, wanda yakan ɗaga waƙar da ta yi ƙasa gwargwadon filin da tsininta ya bari.

Sai dai akwai abin da ya fi duk waɗannan lambobi muhimmanci. Dandali yana auna bidiyo ne a dunƙule, ya fitar da lamba guda, ya rage shi gaba ɗaya ko ya ƙyale shi. Ba ya shiga ciki ya ce wannan baƙo ya yi ƙasa, wancan kiɗa ya yi sama. Bidiyo zai iya cin -14 cif a awo, amma mai kallo ya kwana yana ƙarawa yana ragewa. Gaskiya ne a 2023 YouTube ya kawo wani zaɓi mai suna Stable volume da yake rage tazarar da ke tsakanin ƙara da shiru, amma wannan faci ne, mai kallo zai iya kashe shi, kuma ba ya bin fayil ɗin da aka tura wa wani ta Xender ko aka zuba a memori a shagon masu tura finafinai. A can, yadda edita ya fitar da shi haka za a ji shi.

Shiri guda, yankuna huɗu

A ɗauki misalin wata edita da aka ba ta haɗa shirin minti 12 a kan marinar Ƙofar Mata da ke Kano. Kayan aikinta huɗu ne. Akwai kiɗan buɗe shiri da aka yi a situdiyo. Akwai muryar mai gabatarwa da aka naɗa a ɗaki. Akwai hira da wani dattijo marini, wadda aka ɗauka da makirfon kyamara daga nesa. Sai ra'ayoyin masu sayen kaya da aka ɗauka da waya a bakin titi, kowa yana ɗaga murya saboda hon ɗin motoci.

Kafin ta taɓa komai sai ta auna kowanne shi kaɗai. A ce kiɗan ya ba ta -9, mai gabatarwa -20, dattijo -28, mutanen titi -15. Tsakanin kiɗan da dattijon akwai tazarar 19, wato a kunne kiɗan ya kusa ninka shi sau huɗu. Ga jaririn da ya farka ɗazu.

Matakin farko shi ne zaɓen ma'auni a cikin shirin kansa, kuma kullum maganar mutum ce ma'auni, domin ita mai kallo yake saita wayarsa a kai. Muryar mai gabatarwa ta fi tsafta, ita ce kuma take dawowa a kai a kai, sai editar ta bar ta a -20 ta jawo sauran zuwa gare ta. Mutanen titi ta rage musu 5. Dattijo ta ƙara masa 8. Kiɗan buɗewa ta rage masa 10, ya tsaya a -19, ya ɗan fi magana kaɗan don shirin ya buɗe da kuzari ba tare da razanarwa ba. Inda kiɗan zai ci gaba a ƙarƙashin magana kuwa, sai ta sake danne shi da kamar 15 zuwa 20, har ya zama ana jin yana nan amma ba ya cinye ko harafi guda.

Ragewa ba ta da matsala. Ƙarawa ce take tono abin da ke ɓoye. Da ta ɗaga dattijon da desibel 8, sai abubuwa biyu suka taso tare da shi. Na farko, ƙarar masu bugu da ke kusa, waɗanda suke dukan yadi da taɓarya don ya yi sheƙi. Tsinin bugun dā yana -6, yanzu lissafi ya kai shi 2 sama da sifili, mita ta yi ja. Maganinsa shi ne ta bi wuraren bugun ta sauke su da hannu, ko ta sa limita, wato abin da yake tare duk tsinin da ya nemi wuce iyakar da aka gindaya masa. Na biyu, gurnanin janareta da dā ba a lura da shi ba, yanzu ya fito fili. Ta yanke sautin da ke ƙasa da kamar hez 80, inda ba wani abin kirki na muryar mutum, ta kuma sa mai rage hayaniya kaɗan. Idan ta zafafa, muryar dattijon za ta koma kamar yana magana a cikin randa, kuma wannan ya fi gurnanin muni.

A nan iyakar gyara take. Muryar da aka ɗauka daga nesa ba za ta taɓa zama kamar wadda aka ɗauka da makirfo a wuyan riga ba, ko da mita ta ce ƙarfinsu ɗaya. Haka kuma muryar da ta riga ta fashe tun wajen ɗauka, rage ta ba ya ɗinke ta. Za ta zama fasasshiya mai ƙaramin sauti ne kawai.

Akwai kuma hawa da sauka a cikin yanki guda. Dattijon yakan fara jimla da ƙarfi ya ƙarasa ta a maƙoshi, in ya juya ya nuna rijiyar baba kuma muryar ta ɓace. Manyan ramukan ta cike su da hannu, tana ɗaga layin ƙarfin sauti a daidai wurin. Ƙananan ta bar wa kwamfuresa, wadda take danne sautin da ya haura wani mataki. Ga magana, saitin 2:1 ko 3:1 ya isa, ana kallo kada abin da take dannewa ya wuce desibel 3 zuwa 5. Alamar an wuce gona da iri ita ce numfashin mai magana ya yi ƙarfi kamar kalmominsa, hayaniyar baya kuma ta riƙa kumbura duk lokacin da ya yi shiru.

Sai ta duba gaɓoɓi, wato wuraren da wani yanki ya ƙare wani ya fara. Ta kunna daƙiƙa biyar kafin kowace gaɓa da biyar bayanta, idonta a kan Short-term. Idan lambar ta yi tsalle da fiye da 2 ko 3 daga wannan murya zuwa waccan, ta koma ta gyara. Wani lokaci mita ta ce daidai, kunne ya ce a'a, musamman tsakanin murya mai kaifi ta waya da murya mai kauri ta situdiyo. A irin wannan wuri kunne ake bi.

Sai yanzu lambar dandali ta shigo. Ta auna shirin gaba ɗaya, ya ba ta -20. Don YouTube tana buƙatar ƙarin 6, sai ta ɗaga babban layin fita da 6, ta sa limita a ƙarshe a -1. Abin lura shi ne tsakanin -14 da -1 filin desibel 13 ne kacal, kuma maganar da ba a matse ba takan so fiye da haka. Idan ta ga limitar tana aiki ba hutu, muryoyin sun fara shaƙewa, gara ta tsaya a -16. Desibel 2 ba abin da zai sa mai kallo taɓa maɓalli. In kuma wani gidan talabijin ya nemi shirin, ba ta ba shi wannan fayil ba. Ta koma kan aikin ta fitar da wani daban a lambar da gidan ya ce.

Kayan aiki

Ba sai an kashe kuɗi ba. Audacity kyauta ce, kuma tana da Loudness Normalization, wanda ya bambanta da Normalize mai bin tsini. Youlean Loudness Meter tana da nau'in kyauta da yake nuna lambobin uku da iyakar tsini. A DaVinci Resolve akwai Normalize Audio Levels, kuma a cikinsa akwai zaɓi biyu da suke rikita mutane: Independent yana kai kowane yanki ga lambar shi kaɗai, Relative kuwa yana ɗaukar su a matsayin abu guda, ya bar tazarar da ke tsakaninsu yadda take. A Premiere Pro, maɓallin Auto-Match da ke Essential Sound yakan kai magana -23, wanda ya yi kyau wajen jera yankuna amma ya yi ƙasa ga YouTube idan aka manta ba a ɗaga ba a ƙarshe.

Mai amfani da ffmpeg zai iya auna fayil ɗin da ya gama da layi guda:

```
ffmpeg -i shiri.mp4 -af ebur128=peak=true -f null -
```

A ƙarshen rubutun da zai fito, lambar da ke gaban I ita ce matsakaicin shirin. Don kai shi -14 ba tare da taɓa hoton ba:

```
ffmpeg -i shiri.mp4 -c:v copy -af loudnorm=I=-14:TP=-1:LRA=11 -ar 48000 sabo.mp4
```

Wannan umarni yakan riƙa ɗagawa da saukewa da kansa yayin da yake bin fayil ɗin, saboda haka ya fi kyau a kan shirin da aka riga aka daidaita yankunansa. Idan aka ba shi ɗanyen aiki, ana iya jin hayaniyar baya tana hawa tana sauka.

Kowane maɓalli mai aiki da kansa yana da makanta iri ɗaya: bai san ma'anar abin da yake aunawa ba. Idan aka zaɓi dukkan yankunan fim aka ce a kai su lamba guda, raɗar da matar ta yi wa kishiyarta za ta yi ƙarfi daidai da ihun da ta yi wa ɓarawo, kukan tsuntsayen asuba kuma ya yi daidai da maganar jarumi. Raɗa ya kamata ta zauna ƙasa da magana, ihu ya ɗan haura, amma tazarar ta tsaya inda sifikar waya za ta iya ɗauka.

Gwajin ƙarshe na editar marina ba a kwamfuta take yin sa ba. Takan tura fayil ɗin zuwa wata tsohuwar waya mai sifika guda, ta saita muryar a kan jimlar farko ta mai gabatarwa, ta ajiye wayar a kan tebur da fanka tana juyawa, ta harɗe hannuwa. A minti na bakwai, inda dattijon ya sunkuya yana nuna yadda ake tsoma yadi, ta ji kalmomi biyu sun nutse. Ta rubuta lokacin a takarda, ta koma ta ɗaga wurin da desibel 3, ta sake fitar da fayil ɗin, sannan ta ɗora.